Abin da ka gani da abin da ka zata a rahoton haɗarin wurin aiki

*“Ni ne mai kula da ma'aikatan dare a wani kamfanin casar shinkafa. Shekaranjiya bel ya kama hannun wani yaronmu. Na rubuta a rahoto cewa ‘saboda ganganci da gaggawa ya cire murfin bel, ya sa hannu inji yana aiki.’ Manaja ya dawo mini da takardar, wai ra'ayina na rubuta, ba abin da ya faru ba. Ni kuwa gaskiya na faɗa. Ina bambancin yake?”*

Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa, manajanka bai ce ka yi ƙarya ba, kuma ni ma ban ga alamar ƙarya a maganarka ba. Mutum yana iya faɗin abin da ya yi imani da shi har zuciya, amma bai gan shi da idonsa ba. Rahoton haɗari kuwa so ake duk wanda ya karanta ya iya gane wane layi ne ido ya gani, wane ne kunne ya ji a bakin wani, wane ne kuma zuciya ta ɗinka da kanta.

Ga gwajin da nake koya wa duk wanda zai rubuta irin wannan takarda. Ka karanta kowace jimla, ka tsaya, ka tambayi kanka: ta yaya na san haka? Amsar ba ta wuce huɗu. Ko dai na gani ko na ji da kaina a lokacin, ko na auna ko na karanta a wata takarda ko na'ura, ko wane ne ya faɗa mini, ko kuma ni na haɗa wannan da wancan na fitar da shi. Uku na farko suna shiga bayanin abin da ya faru, muddin ka faɗi inda ka samo su. Na huɗun shi ne hasashe. Ba haramun ba ne, bincike ma ba ya tafiya sai da shi, amma wurinsa daban.

Mu ɗora jimlarka a kan wannan ma'auni. Abubuwa huɗu ka cusa a ciki. “Ganganci” hukunci ne a kan halin mutum, kuma babu idon da yake ganin hali. Motsi kawai ido yake gani. “Gaggawa” tana iya samun tushe idan, misali, ka gan shi yana gudu ko ka ji an ce masa a gama lodin mota kafin asuba, to sai ka rubuta gudun ko umarnin, ka bar kalmar gaggawa. “Ya cire murfin bel” magana ce da za ta iya zama tabbas, amma wa ya gan shi yana kwancewa? Idan abin da ka tarar shi ne murfi a jingine da bango, to abin da ka sani ke nan: murfin ba ya kan inji lokacin da ka iso. Wanda ya cire da ranar da aka cire, ba ka sani ba tukuna. “Inji yana aiki” kuma ita ce ta fi kama da gaskiya tsagwaronta, don ai injin da ke tsaye ba ya cin hannu. Amma a cikinta na fi jin tsoro, kuma bari in ba ka dalili da wani haɗari da aka taɓa kira na in bincika a wani kamfanin shinkafa da ba zan ambaci sunansa ba.

Rahoton farko da aka miƙo mini kusan irin naka ne: ma'aikaci ya sa hannu a gindin injin da ke ɗaga shanshera zuwa sama, inji na aiki, bel ya murɗe masa yatsu. Shaidu biyu sun sa hannu. Kowa a wurin ya gamsu, har an fara maganar a ba yaron takardar gargaɗi idan ya fito daga asibiti.

Na kai shaidar farko wurin, na ce ya tsaya daidai inda yake tsaye a daren. Ya tsaya bayan wani tarin buhuna, taku goma ko fiye daga injin. Na je na tsaya a gefensa, sai na ga daga nan kan injin kawai ake hangowa, gindin a ɓoye yake. Na ce ya faɗa mini abin da ya faru tun daga farko, ban katse shi ba. Ya ce wuta ta ɗauke, wurin ya yi duhu, suna zaune suna jira, sai fitilu suka kawo, injuna suka tashi, sai ya ji ihu. Da ya ruga ya tarar da hannun yaron a bel. To ka ga abin da ya gani: hannu a cikin inji mai juyawa, bayan ihu. Shigar hannun bai ganta ba. Shaida na biyu ma yana ɗakin awo a lokacin, labarin a bakin na farko ya ji, ya sa hannu don ya yarda da abokin aikinsa.

Daga nan sai takardu. Littafin mai kula da janareta ya nuna an tayar da shi ƙarfe 2:17 na dare, kuma shi da bakinsa ya ce wutar gari ta ɗauke mintoci kaɗan kafin nan, yana tayarwa ya juya layi zuwa janareta kamar yadda ya saba, ba tare da ya leƙa cikin kamfanin ba, don ba a taɓa ce masa ya leƙa ba. Yaron da ya ji rauni, da ya samu sauƙin magana, ya ce shanshera ta toshe gindin injin tun kafin a ɗauke wuta, da ya ga komai ya tsaya cak sai ya haska fitilar wayarsa ya fara kwashewa da hannu.

A nan ne hasashe ya yi amfani. Na rubuta a gefe, a matsayin zato: ƙila injin ya tashi da kansa da wuta ta dawo. Zato ne mai gwaji, kuma wannan shi ne ya bambanta shi da ra'ayi. Injin da aka haɗa daidai yana tashi ne ta kwantakta, wato na'urar da ke haɗa masa wuta da yanke ta, mai maɓallin kunnawa da na kashewa. Idan wuta ta ɗauke, kwantakta tana sakin kanta, kuma ko wutar ta dawo injin ba zai motsa ba sai mutum ya sake danna maɓalli. Muka kawo mai gyaran wuta, muka fitar da kowa daga kusa da injin, aka kunna shi babu kaya, aka yanke wuta daga babban layi, aka mayar. Injin ya tashi ba wanda ya taɓa shi. Da aka buɗe akwatin sai ga shi an tsallake kwantaktar da waya kai tsaye. Mai gyaran ya ce ta ƙone watannin baya, aka yi haka don kada aiki ya tsaya kafin a sayo sabuwa, ba a kuwa sayo ba.

Yanzu dubi yadda magana ta juya. “Ya sa hannu inji yana aiki” ta zama “ya sa hannu inji yana tsaye, injin ya tashi da wuta ta dawo.” Kalmomi kaɗan ne suka canza, amma gyaran da za a yi ya canza gaba ɗaya. Da rahoton farko aka bi, da an yi wa yaro faɗa, an tara ma'aikata an ce a riƙa kula, wayar nan kuma tana nan a akwatinta tana jiran ɗaukewar wuta ta gaba. Wannan ne yake damuna game da hasashen da aka rubuta da sigar tabbas: da zarar ya hau takarda aka sa hannu, ba mai sake tambaya.

Kada ka ɗauka ina cewa abin da ya faru a wurinku ke nan. Wataƙila naku injin yana juyawa ne tun farko. Kuma ko a wancan kamfanin, binciken bai wanke kowa tas ba: tabbas ne cewa yaron bai kashe babban makunnin injin ya kulle shi ba kafin ya sa hannu, na kuma rubuta haka ƙarara. Amma a layin da ke biye na rubuta cewa makunnin ba shi da wurin rataya kwaɗo, kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar kashewa da kullewa, kuma ba a samu takardar da ta nuna an taɓa koya masa ba. Duka tabbas ne. Da na rubuta na farkon na bar sauran, da ban yi ƙarya ko ɗaya ba, amma da na karkatar da mai karatu. Zaɓen abin da za a faɗa da abin da za a bari shi ma hanya ce da ra'ayi yake shigowa, kuma ta fi wuyar kamawa. Saboda haka duk inda ka ji kana son rubuta “bai bi ƙa'ida ba,” ka tambayi kanka wace ƙa'ida, a ina take rubuce, yaushe aka koya masa, kuma sauran ma'aikata suna bin ta a ranakun da ba a yi haɗari ba?

Mu koma kan murfin bel ɗinku, don a nan za ka iya aiki tun yau idan ba a riga an taɓa wurin ba. Je ka da waya ka ɗauki hoto kafin kowa ya share ko ya mayar da shi. Ka duba inda murfin yake da nisansa daga inji. Ka duba ƙurar dusa a kansa: kaurinta ɗaya da na ƙasan da ke kewaye, ko kuwa fes yake da sawun yatsu? Ka duba ramukan kusoshin da ke riƙe shi: suna sheƙi kamar yanzu aka kwance, ko sun cika da ƙura da tsatsa? Kusoshin suna ina, kuma akwai sifana a kusa? Sai ka rubuta abin da ka gani kamar haka: “Ƙarfe kaza na tarar da murfin bel a jingine da bango, kimanin mita biyu daga inji. Ƙura ta rufe samansa. Ramukan kusoshi huɗu duk a cike da ƙura. Ban ga kusoshin ba.” Wannan gani ne. “An daɗe da cire murfin” kuwa fassarar gani ce, mai ƙarfi ƙwarai, amma wurinta sashen nazari, inda za ka ce ƙurar ce ta sa ka zaci haka, kuma za a tambayi masu aikin rana da makaniki. Ka lura na ce “ban ga kusoshin ba,” ban ce “babu kusoshi” ba. Na farko iyakar saninka ne, na biyu da'awa ce a kan duk kamfanin.

Maganar shaidu tana buƙatar a dakata a kanta, don yawancin gurɓatar rahoto daga nan take farawa, kuma sau da yawa mai tambayar ne yake jawo ta. Tunanin ɗan Adam ba ya ajiye abu yadda kamara take ajiyewa. Duk lokacin da aka tuno, ana sake gina shi, kuma abin da aka ji daga baya yana shiga ginin. A 1974 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Washington ta Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai hotunan bidiyo na karon motoci, suka tambaye su gudun da motocin suke yi. Waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai nuna mummunan karo sun ƙiyasta kimanin mil 40 a awa, waɗanda aka yi wa da kalma mai nuna taɓawa kawai suka ce kimanin 32, alhali abu ɗaya suka kalla. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi ɗalibai ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon, amma 16 cikin 50 na waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi sun ce sun gani, a kan 7 cikin 50 na waɗanda aka tambaya da mai sauƙi. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne, tambayar ce ta shuka musu abin.

Don haka idan ka ce wa ma'aikaci “ai ka ga lokacin da ya cire murfin ko?” ka riga ka ba shi amsa, balle kai ne ogansa, yana kuma tsoron aikinsa. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, da wuri, kafin hirar wurin mai shayi ta mayar da labari huɗu ya zama ɗaya. Ka fara da gaya masa ba neman mai laifi kake ba. Ka ce ya ba ka labari daga farkon aikin daren, ka yi shiru. Sai ya gama ka bi da tambayoyi gajeru: kana ina tsaye, me kake yi, me ka fara ji, wannan ka gani ne ko faɗa maka aka yi. Idan shaidu biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun da sunan mai kowace magana, kada ka sasanta su da kanka. Idan kuwa mutum uku suka ba ka labari da kalmomi iri ɗaya sak, ka yi zargin shaida ɗaya ce ta yaɗu.

Akwai wani rami da ya shafe mu musamman. Ma'aikaci da Hausa yake ba da labari, rahoto kuma galibi da Turanci ake rubuta shi. A bakinsa za ka ji “wai,” “an ce,” “ina jin,” “kamar dai,” “da alama.” Da waɗannan yake gaya maka iyakar saninsa, kuma su ne suke fara zubewa idan mai rubutu yana sauri. “Wai shi ya cire” sai ta koma “shi ya cire.” Ka rubuta bayanin shaida da harshen da ya yi shi, da kalmominsa, ka karanta masa ya ji, ya gyara abin da ba haka ya ce ba, sannan ya sa hannu ko ya dangwala. Fassara ta biyo baya a haɗe da asalin.

Rauni kuma ka bar wa likita sunansa. Kai ka rubuta hannun dama ne ko hagu, waɗanne yatsu, jini ne ko kumburi ka gani, wa ya ɗaure, da me, ƙarfe nawa aka fita da shi. “Ya karye” sai takardar asibiti ta faɗa. Lokaci ma ka faɗi agogon da ka duba, don agogon kamarar tsaro da na waya da na littafin janareta ba safai suke daidaita ba, kuma a haɗari irin wanda na ba ka labari, mintoci biyu suna iya juya ma'anar komai. Haka nan maganganu irin su “ya gaji,” “hankalinsa ba ya wurin,” ko “kamar ya sha wani abu”: ka mayar da su abin da ake ƙirgawa, wato ƙarfe nawa ya kama aiki, dare nawa ya yi a jere, ko ya huta. Ta ƙarshen kuwa kada ta hau takarda sam ba tare da gwajin asibiti ba, don zargi ne da zai bi mutum har gidansu.

Za ka kuma ji ana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, kuma wannan magana tana sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa, ka faɗe ta a asibiti da gidan yaron. Amma gurbin “sanadi” a fom tambaya yake a kan bel da waya da murfi, abubuwan da aka ba mu ikon gyarawa.

To yaya za ka sake rubutawa? Ka raba takardar gida uku. Gidan farko jerin abin da ya faru bi da bi, kowane layi da lokacinsa da tushensa: na gani, littafi kaza ya nuna, wane ya ce. Gida na biyu abin da ba a sani ba tukuna, a rubuce a fili: ba a san wanda ya cire murfi ba, ba a san ko injin yana juyawa lokacin da hannun ya shiga ba. Mutane suna jin kunyar wannan gidan, suna ganin kamar gazawa ce, alhali shi ne gidan da mai bincike yake fara karantawa. Gida na uku nazarinka, kuma a nan kana da damar faɗin ra'ayinka da sunanka, har da cewa kana ganin yaron ya yi gaggawa, idan ka kawo abin da ya sa ka ga haka da abin da zai tabbatar ko ya rushe shi. Ka yi ƙoƙarin kawo zato fiye da ɗaya. Wanda ya rubuta zato ɗaya tak yakan koma neman abin da zai goyi bayansa kawai.

Jimlarka, idan abin da ka sani bai wuce abin da na zata ba, za ta koma wani abu kamar haka: “Ina ofis na ji ihu. Da na isa na tarar an kashe injin, wane yana riƙe da hannun wane na dama, jini yana zuba. Murfin bel ba ya kan inji. Ban ga lokacin da hannun ya shiga ba. Wane ya ce ya gan shi durƙushe a gindin injin kafin ihun.” Ta fi taka tsawo, ba ta kuma ɗora wa kowa laifi ba, amma kowane yanki nata za ka iya tsayawa a kansa gaban kowa.

Kada kuma jiran kammala bincike ya sa ku makara wajen kai rahoto. A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai kamfani, shi kuma mai kamfani kwana 7 ya kai rahoton raunin ga NSITF, hukumar da ke kula da biyan diyyar, mutuwa kuwa nan take. Dokar masana'antu ma ta wajabta a rubuta wa sufeton masana'antu idan haɗari ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana uku. Tsarin diyyar ba a gina shi a kan sai an gano mai laifi ba, abin da ake dubawa shi ne raunin ya faru ne ta dalilin aiki ko a cikinsa, saboda haka kalmar ganganci ba ta ƙara wa fom ɗin komai sai rigima da za ta iya tasowa daga baya. Tunda naku shekaranjiya ya faru, kwanakin sun fara tafiya. Ku aika da abin da aka tabbatar, a gurbin sanadi ku rubuta cewa ana kan bincike, in an gama ku bi da cikakken bayani. Kafin nan kada a sake kunna injin sai an mayar da murfin, mai gyaran wuta kuma ya gwada a gabanka ko yana tashi da kansa idan wuta ta dawo.